Kalma 250 da buhunan wake: abin da tantance tsakure ya koya mini

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin taron ƙara wa juna sani mai tantance tsakure, wato taƙaitaccen bayanin bincike da masu son gabatarwa ke turawa, ya san ba a natse ake karanta su ba. Tsakure sun taru, ranar fitar da sunaye ta matso, ga aji na jira, ga takardun jarrabawa jibge a tebur. 'Yan mintuna kowane tsakure ke samu, kuma abu ɗaya idon mai tantancewa ke nema: me wannan mutumin ya gano? Na yi wannan aiki a nan Gombe, ina kuma duba wa ɗalibaina na fannin noma nasu kafin su tura. Abin da na fi cin karo da shi shi ne marubuci ya cinye kalmominsa tun bai iso ga amsar wannan tambaya ba.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. An ce kada tsakure ya wuce kalma 250. Ɗalibi zai buɗe da cewa noma shi ne ƙashin bayan tattalin arziki, ya kawo tarihin wake a ƙasar Hausa, ya faɗi amfaninsa ga jiki. Kafin ya ambaci manufarsa kalma 120 sun tafi. Hanyar bincike ta samu jimla guda, sakamako kuma ya koma "za a tattauna sakamakon da aka samu a wajen taro". Mutanen da za su karanta masana noma ne, babu wanda a cikinsu yake jiran a gaya masa wake abinci ne. Ni dai da na ga wannan jimla ta "za a tattauna", zargin da ke zo mini shi ne ba a gama binciken ba, ko kuma an gama ba a samu komai ba.

Shi ya sa yanzu nake sa ɗalibai su fara rubutu daga sakamako, sannan su koma baya. Bari in nuna da misali. Alƙaluman da za su biyo baya na shirya su ne don koyarwa kawai, kada wani ya ɗauke su a matsayin na wani bincike.

Mu ɗauka ɗaliba ta yi aiki a kan buhun PICS, wato buhun nan mai ruɓi uku da masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu masu kauri ne a ciki, sai saƙaƙƙen buhu a waje. Idan an ɗaure kowanne daban da kyau, iska ba ta shiga, ƙwaron wake ya shaƙe wadda ta rage a ciki, ya daina ci da hayayyafa, ba tare da an sa magani ba. Tambayar ɗalibar ita ce ko buhun da aka riga aka yi shekara ana amfani da shi zai kare wake kamar sabo.

Na ce mata ta rubuta mini abin da ta gani, da alƙaluma, a jimla biyu ko uku. Da farko ta kawo: "Sakamako ya nuna akwai bambanci mai ma'ana tsakanin buhunan." Na tambaye ta wanne ya fi, kuma da nawa. Ta ce, "Malam, ai yana cikin jadawali na huɗu." To, mai tantancewa ba zai taɓa ganin jadawali na huɗu ba. Tsakuren ne kaɗai a gabansa. Bayan ta sake, ga abin da ya fito:

"A sababbin buhuna kashi 3 cikin ɗari na ƙwayoyin wake ne suka huje, a buhun da aka saba kuwa kashi 41. Tsofaffin buhunan PICS sun rabu biyu: guda 7 da ledarsu ke lafiya sun ba da kashi 4, guda 3 masu huji a leda sun ba da kashi 22."

Da ta haɗa tsofaffin goma ta ba da matsakaici ɗaya, da ta samu wajen kashi 9, kuma da abin da ya fi komai daraja a aikinta ya ɓace. Mai karatu zai ce tsohon buhu ya ɗan gaza sabo, shi ke nan. Rabuwar nan gida biyu ita ce labarin. Wannan ne dalilin da ya sa nake ba sakamako kaso mafi girma, kamar kalma 80 zuwa 90 cikin 250. Amma ba duk abin da aka auna ake kawowa ba. Ɗalibar ta auna nauyi da danshi da yawan irin da ya tsiro, duk mun bar su sai ranar gabatarwa, don alƙaluma goma a sakin layi ɗaya babu wanda zai riƙe ko guda.

Da zarar sakamako ya zauna, hanyar bincike kan yi sauƙin rubutawa, domin aikinta ɗaya ne: ta sa mai karatu ya yarda da alƙaluman nan. Duk bayanin da ba ya wannan hidima a cire shi. Mai tantancewa na son ya san buhu nawa, a ina, tsawon wane lokaci, da me aka kwatanta, kuma yaya aka auna ɓarna. Sai muka rubuta:

"An adana wake a buhu 30 masu cin kilo 50 a ɗakin ajiya ɗaya a Gombe, daga Disamba zuwa Mayu: sababbin buhunan PICS 10, waɗanda suka yi shekara ɗaya 10, da buhun da aka saba 10. Ba a sa magani ba. Bayan wata 6 an ɗebi ƙwaya 100 daga sama, 100 daga tsakiya, 100 daga ƙasan kowane buhu, aka ƙirga masu huji."

Ambaton watannin ba ado ba ne. Wanda ya san wake ya san zafin Maris da Afrilu ne ke hanzarta hayayyafar ƙwaro, don haka gwajin da ya ratsa waɗannan watanni ya fi wanda ya tsaya a sanyin hunturu nauyi. Ita ma jimlar "ba a sa magani ba" kalma biyar ce, amma da babu ita, tambayar farko da za a yi ke nan. Abin da muka zubar shi ne sunan sikelin da aka yi awo da shi, da kasuwar da aka sayo buhunan, da layukan taswira na inda Gombe take.

Manufa ba ta buƙatar dogon zance: jimla ɗaya ta nuna matsala, ɗaya ta faɗi abin da aka gwada. "Manoma da 'yan kasuwar wake kan sake amfani da buhun PICS a shekara ta biyu don rage kashe kuɗi. Wannan bincike ya gwada ko tsohon buhu yana kare wake daga ƙwaro kamar yadda sabo ke yi." Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in karanta jimlar manufa, in tsallaka kai tsaye zuwa sakamako. Idan na biyun bai amsa ta farko ba, ɗaya daga ciki na buƙatar gyara. Sau da yawa ɗalibi kan kwafo manufofi huɗu daga babi na ɗaya na kundinsa, alhali sakamakon da ya kawo guda ɗaya ya amsa.

Inda aka fi wahala shi ne gudummawa, kuma a nan ne na fi ɓata lokaci da ɗalibai. Yawancinsu shawara suke rubutawa a gurbinta: gwamnati ta tallafa wa manoma, a wayar da kan jama'a, a ƙara bincike. Waɗannan jimloli za su zauna daram a ƙarshen tsakure kan kiwon kaji ko noman rani a Dadin Kowa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ba daga wannan binciken suka fito ba. Gudummawa ita ce abin da mutum zai sani, ko zai iya yi, bayan aikinka, wanda kafin nan bai tabbata da shi ba. A misalinmu:

"A wannan gwaji hujin leda ne ya bambanta buhunan, ba tsufansu ba. Hura wa leda iska a matsa ta kafin zuba wake zai iya zama ma'aunin ko a sake amfani da buhu ko a canza."

A lura da "a wannan gwaji" da "zai iya". Buhu uku kacal ne masu huji, ɗakin ajiya ɗaya, kaka ɗaya. Ɗalibar ta so ta ce binciken "ya tabbatar", na hana ta. Mai tantancewa da ya ga buhu uku an gina masa hukuncin da ya shafi Arewa baki ɗaya zai fara shakkar sauran alƙaluman ma. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma ranar gabatarwa ita za ta tsaya gaban masu tambaya, ba ni ba.

Idan aka jera waɗannan sassa, manufa, hanya, sakamako, gudummawa, ba su kai kalma 200 ba. Ragowar ta isa a ambaci gwajin ƙididdigar da aka yi, a kuma ƙara jimla guda kan iyakar binciken. Ba dole ne sai an cike 250 cif ba, amma wuce ta ko da kalma biyar ganganci ne, domin wasu shafukan tura tsakure yanke rubutu suke yi a inda iyaka ta tsaya, kuma abin da ke ƙarshe, wato gudummawa, shi zai salwanta. A karanta sanarwar taron da kyau: wasu kan haɗa take da muhimman kalmomi cikin lissafi, wasu haruffa suke ƙirgawa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wasu kuma kan ce a cire suna da wurin aiki don kada mai tantancewa ya san mai shi. Mai rubutu da Hausa ya ƙara kula, don su "da", "na", "a", "ya" kowace kalma guda ce wajen ƙirga. "An yi amfani da hanyar ƙirga ƙwayoyin da suka huje" kalma goma ce, "an ƙirga masu huji" huɗu.

Saura wanda ranar rufe karɓa ta riske shi bai gama aiki ba, kuma hakan na faruwa sosai a binciken ajiya, tunda ba a iya gaggauta wata shida. Wasu tarurruka na karɓar aikin da ke kan hanya, wasu ba sa karɓa, sanarwar ce za ta faɗa. Idan suna karɓa, a faɗi matakin da ake kai ƙarara: an rufe buhuna a Disamba, za a buɗe a Mayu, ga abin da za a auna, ga abin da kowane sakamako zai nuna. Idan akwai alƙaluman gwajin share fage, a kawo su da sunansu na share fage. Abin da nake hana ɗalibaina shi ne su rubuta abin da suke fata kamar sun riga sun gani, domin tarurruka da dama kan buga littafin tsakure tun kafin ranar buɗe taro, kuma idan aka kwance buhuna wake ya nuna akasin haka, babu damar gyara abin da aka riga aka raba wa mahalarta.