Bulun da ya ƙi fitowa a takarda

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu ya san rigimar nan ta "ai ba wannan kalar na ba ku ba". Ni dai lokacin da nake yaron shago aikina bai wuce yankan takarda da jera ta da wanke rola ba, sai ɗan taɓa kwamfuta idan oga ya fita, to a lokacin ne na fara ganin wannan rigimar da idona kuma a kan kala ɗaya ce tal, bulu.

Wani kwastoma ne ya kawo aikin fulaya a filashi, shi da kansa ya yi dizayin ɗin. Bayan rubutun fulayar gaba ɗaya bulu ne mai haske irin wanda har ido yake ɗauka idan ka kalle shi a sikirin. Sauri yake yi, ya ce ba ya buƙatar a fitar masa da samfur, a buga kawai. Aka fitar da filet, wato farantin da ke ɗauke da hoton aikin, aka ɗora a inji aka buga. Da ya dawo karɓa ya ɗaga ɗaya ya duba sai ya ɓata rai, don abin da ke hannunsa ya fi kama da fafal mai duhu, duk walƙiyar nan ta tafi. Ya zaro waya ya buɗe hoton ya kara kusa da takardar ya ce yallaɓai kai ma ka duba tsakaninka da Allah, wannan da wannan ɗaya ne? Kuma gaskiyarsa, ba ɗaya ba ne. Ni a raina na gama yanke hukunci cewa ko inki ne ya lalace ko mai jan injin ne ya cika ja.

Bayan mutumin ya tafi na tambayi oga, na ce oga wai inkin ne? Bai ce min komai ba, ya ce je ka kashe fitila ka saki labule. Na kashe. Ya ce me kake gani? Na ce sikirin. Ya ce takardar fa? Na ce ba na ganinta. Ya ce to kunna, ka zo ka zauna.

Abin da ya fahimtar da ni ke nan, sikirin shi yake samar da haskensa. A cikinsa akwai ƙananan ɗigo masu haske kala uku, ja da kore da bulu, shi ne ake rubutawa RGB, kowanne ana iya ƙara masa ƙarfi daga 0 zuwa 255. Idan duk ukun suna kan 0 baƙi za ka gani don babu haske, idan duk suka kai 255 sai ka ga fari. Wato a sikirin ƙara kala ƙara haske ne. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta ko kaɗan, na ɗaki ne yake sauka a kanta ya dawo idonka, kuma aikin inki shi ne ya shanye wani ɓangare na hasken nan ya bar saura ya dawo. Saboda haka duk inkin da ka ƙara rage haske ka yi, kuma farin da ya fi kowanne fari da za ka samu shi ne na ita takardar, ba ka da abin da ya wuce shi.

Injinmu inki huɗu yake sha, siyan da majenta da yalo da baƙi, CMYK kenan, su kuma da kaso cikin ɗari ake auna su. Na jima ina mamakin me ya sa ba a zuba ja da kore da bulu kawai a huta, ashe kowane ɗaya daga cikin ukun farko an zaɓe shi ne don ya shanye kala ɗaya ta haske. Siyan yana shanye ja, majenta tana shanye kore, yalo yana shanye bulu. To idan kana son bulu a takarda sai ka ɗora siyan da majenta, ɗaya ya cinye ja ɗaya ya cinye kore, abin da ya rage ya dawo ido shi ne bulu. Oga ya miƙo min ɗan gilashin nan na duba ɗigo ya ce leƙa fulayar, na leƙa, wallahi babu bulu ko ɗigo ɗaya a wajen, ɗige-ɗige ne na siyan da majenta a jere wasu sun hau kan wasu, ido ne yake haɗa su daga nesa.

A lissafi abin ya yi daidai, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Inkin gaske ba shi da tsarki irin na lissafi. Majenta ba kore kaɗai take sha ba, tana haɗawa da wani kaso mai yawa na bulun da kake son ya tsira, siyan ma yana ɗan taɓa shi. Shi ya sa bulun da ya rage yake fitowa a dushe, in kuma majentar ta yi yawa sai ja-jan da ke cikinta ya rinjaya kalar ta karkata zuwa fafal. Shi kuwa bulun sikirin haske ne zalla daga ɗigo guda, babu abin da ya rage masa ƙarfi.

Sai muka buɗe fayil ɗin mutumin a Photoshop. A RGB yake, bulun kuma lambarsa 0, 0, 255, wato ja babu kore babu, bulu har ƙarshen ma'auni. Oga ya ce danna Shift+Ctrl+Y, shi ne Gamut Warning, yana shafa toka-toka a kan duk kalar da inki ba zai iya kaiwa gare ta ba. Ina dannawa bayan fulayar nan kaf ya koma toka, rubutun ne kawai ya tsira. Da muka mayar da fayil ɗin CMYK da furofayil, wato tsarin sauya kala, wanda manhajar ke zuwa da shi, U.S. Web Coated (SWOP) v2, bulun ya koma siyan 88, majenta 77, yalo da baƙi sifili. Oga ya sa yatsa a kan lambobin ya ce ka ga matsalarka nan, tazarar da ke tsakaninsu 11 ce kacal, majentar ta kusa kamo siyan, ga shi a kan inji ɗigo yana ƙara faɗi, to me zai hana ya zama fafal? Ka'idar da ya ba ni, wadda har yau da ita nake aiki, idan ana son bulu ya fito bulu a bar tazarar aƙalla 30 tsakanin siyan da majenta. Muka gyara da hannu, siyan 100, majenta 60. A sikirin wannan sabon bulun ya yi wani sanyi-sanyi ba ya ɗaukar ido kamar na farko, ni har na ce oga ai wannan ya fi muni, ya yi dariya ya ce bari takarda ta yi magana. Aka fitar da samfur, ya fito bulu sosai wanda babu mai gardama a kai. Walƙiyar nan ta sikirin dai ba ta dawo ba kuma ba za ta dawo ba, babu haɗin inki huɗun nan da zai ba ka ita.

Maganar faɗin ɗigo da oga ya yi ita ce ta kai mu ga takarda. Ya sa aka buga wannan bulun da muka gyara a takarda iri biyu, mai sheƙi da marar sheƙi, lambobi ɗaya inki ɗaya inji ɗaya, amma sai ka rantse aiki biyu ne daban. Mai sheƙi tana da wani shafi a samanta da ke riƙe inki ya zauna a sama, sai kalar ta fito da ƙarfi. Marar sheƙi tsotse inkin take yi ya bazu cikin zarenta, kalar ta dushe, wuraren da ke tsaka-tsaki kuma su yi duhu. Ɗigon da ka sa 50 a fayil yakan fito kusan 65 a mai sheƙi, a marar sheƙi har ya kai 70 ko ya ɗan wuce. Amfanin furofayil kenan, shi ne yake gaya wa manhaja halin injin da takardar da za a yi aiki da su don ta rage tun kafin a fitar da filet. In ka zaɓi na takarda mai sheƙi ka je ka buga a marar sheƙi, fuskokin mutane a hoto za su fito da duhu kamar an shafa musu ƙasa, nan ne wurin da ake fara ganewa.

Shi kansa sikirin ɗin ba abin yarda ba ne ɗari bisa ɗari. Yawancinsu daga kamfani suke zuwa da haske fiye da kima, farinsu kuma ya ɗan karkata zuwa bulu. Ma'aunin sRGB da HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda yawancin sikirin ke bi, farinsa na kusan 6500K ne, alhali hasken da masu buga takardu suka amince a duba aiki a ƙarƙashinsa 5000K ne, wanda ake kira D50, shi bai kai na sikirin karkata zuwa bulu ba. Wanda ya gyara hoto a sikirin da aka ƙure wa haske zai ga komai fes, a buga kuma ya fito da duhu ya ce an cuce shi. Kwamfutar da oga ke duba kala da ita haskenta a rage yake, wajen 100 zuwa 120 cd/m², kuma ba ya yarda kowa ya taɓa maɓallan, ranar da wani ya ƙara mata haske don ya kalli bidiyo sai da shagon ya yi tsit. Wayar kwastoma kuwa ba a ma maganarta, kowace da irin kalarta, ka buɗe hoto ɗaya a waya uku ka ga bulu uku.

Daga nan aka ɗora min aikin karɓar fayil. In an kawo, abu na farko in duba RGB ne ko CMYK, in tambayi irin takardar da ake so, in sa furofayil ɗinta, sannan in danna Ctrl+Y, wato Proof Colors, a gaban mai aikin ya ga yadda kalarsa za ta sauka tun yana tsaye. Bulu mai walƙiya da kore mai haske irin na fitila da lemo mai ƙarfi su ne suka fi faɗuwa, su nake fara nema. Ko da sikirin ya nuna komai lafiya sai an fitar da samfur a irin takardar da za a yi aikin, mutum ya duba a haske mai kyau ya sa hannu a baya kafin a kunna inji, in ya ce sauri yake sai in ce yallaɓai ka yi haƙuri dokar shago ce.

Akwai kuma wanda zai ce shi fa lallai sai wannan kalar, misali tambarin kamfani da ba a so ya canza daga aiki zuwa aiki. Irin wannan ba a haɗa shi da ɗigon inki huɗu, inki na musamman ake damawa a buga shi shi kaɗai da nasa filet ɗin, a zaɓi lambarsa daga littafin kaloli na Pantone, wanda shi ma a takarda aka buga shi, akwai na mai sheƙi mai harafin C a ƙarshen lamba da na marar sheƙi mai U. Yana ƙara kuɗi da lokaci don filet ya ƙaru kuma sai an wanke rola kafin a zuba shi, wankin nan kuwa ni ne mai yi. Mai fulayar nan da aka yi masa wannan bayanin ya duba littafin ya duba samfurinmu na siyan 100 majenta 60, ya ce a bar shi a haka ya ishe shi, ya sa hannu aka sake bugawa.