Yadda buhun wake ya sa na daina yin tamnel a ƙarshe

Ni dai a wani ƙauye nake kusa da Ringim, kuma 'yan bidiyon noma nake ɗorawa a Yutub da wayata, ba wani babban tasha ba ne, yawancin masu kallona manoma ne irina da 'yan kasuwar hatsi. Da can yadda nake yi shi ne in ɗauki bidiyo, in yanka shi a CapCut, sai can da daddare na kai wayar caji wajen mai sola ina jira sannan in fara tunanin to wane take zan sa, wane hoto zan ɗora a bango, wato tamnel. A lokacin gajiya ta riga ta kama ni, abin da kawai nake nema shi ne kalmar da za ta sa mutum ya danna.

Watan Nuwamba da muka gama sussukar wake na ɗauki bidiyon yadda muke zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake rubuta PICS a jikinsa. Bidiyon kansa ba laifi, na nuna yadda ake duba leda ko ta huje, a zuba waken da ya bushe sosai, a matse iska, a murɗe bakin leda ta ciki a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, sannan buhun waje. Amma da na zo sa take sai na rubuta "Sirrin ajiye wake shekara guda ba ƙwaro ko ɗaya", na je PixelLab na ɗora hoton tsabtataccen wake a faifai, na rubuta SHEKARA 1 da jan rubutu manya manya. Wallahi a lokacin ni ban ga wata ƙarya a ciki ba, tunda na san buhun yana aiki.

Kwana biyu na buɗe YouTube Studio na ga kashin waɗanda suka danna cikin waɗanda aka nuna wa hoton, wanda suke rubuta Impressions click-through rate, ya kai wajen 9 cikin 100. Ni da na saba ganin 4 ko 5, har na nuna wa ƙanena ina murna. Yutub da kansu sun ce rabin tashoshi tsakanin 2 da 10 suke, to ka ga 9 ba ƙarami ba ne. Sai na gangara wajen layin nan da yake nuna inda mutane suke barin kallo, nan jikina ya yi sanyi. Layin ya faɗo kamar an turo shi daga kan katanga, kafin sakan 30 kusan rabi sun tafi, kuma bidiyon minti takwas ne amma yawanci ko minti ɗaya da rabi ba sa kaiwa. Bayan sati sai kallon ya tsaya cak.

Ban gane dalili sosai ba sai da kawuna ya kalla. Shi ba ruwansa da wani layi, ya riƙe wayar har ƙarshe saboda kara, ya miƙo min ya ce "To ɗana, ina waken da ya shekara? Ni ɗauri kawai na gani." Na ce kawu ai yanzu muka zuba. Ya ce "To me ya sa ka ce shekara?" Ban da amsa.

Gaskiyarsa ce. Mutum ya danna ne don ya ga an buɗe buhun da ya daɗe, ni kuma a duk minti takwas ɗin babu inda aka buɗe komai. Ga shi na cinye sakan arba'in na farko da sallama da gaishe gaishe da roƙon a danna kararrawa. Na je na canza taken zuwa "Yadda ake ɗaure wake a buhu mai leda biyu", masu dannawa suka ragu, waɗanda suka shigo kuma suna ɗan zama, amma bidiyon bai sake tashi ba.

Buhu uku muka ɗaure a Nuwamba ɗin. Da Afrilu ya zo Baba ya ce za a buɗe a kai kasuwar Gujungu ranar Lahadi, sai na ce wannan karon ba zan taɓa kyamara ba sai na zauna da takarda. Na yagi tsakiyar littafin ƙanwata, a sama na rubuta take guda huɗu, a ƙasa na zana akwati na zana abin da nake so hoton ya nuna, sannan a ƙarƙashin kowace kalma mai nauyi a cikin taken na rubuta tambaya ɗaya: a minti na nawa mai kallo zai ga wannan da idonsa? In ban iya rubuta minti ba, ko dai in cire kalmar ko in nemo abin da zan ɗauka ya cike ta.

Nan take uku suka mutu. "Shekara" ta fita tunda wata biyar ne daga Nuwamba zuwa Afrilu. "Sirri" ta fita, wane sirri, buhun da ake sayarwa a kasuwa. Akwai wanda na sa maganar riba a ciki, shi ma na soke, don ban san farashin da za mu tarar ba kuma ba ni da niyyar ɗaukar ciniki. Wanda ya rage shi ne "Na buɗe waken da muka ɗaure wata 5 ba magani". Wannan kowace kalma ina da abin nunawa. Buɗewa za a gani, wata biyar kuma Allah ya taimake ni Baba ya rubuta ranar ɗauri da maka a jikin buhun, ba magani kuwa ina da guntun tsohon bidiyon da ya nuna lokacin zubawa.

Sai ga wani abu. Jajiberin ɗauka na shiga ɗakin ajiya in duba haske, na ɗaga buhu na uku da yake jingine da bango sai na ga ɓera ya huda shi ta ƙasa, har ga garin wake a wajen. Shi buhun nan duk aikinsa hana iska shiga ne, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, to in leda ta huje magana ta ƙare. Zuciyata ta ce kawai ka ture shi gefe ka ɗauki biyun, ba wanda zai sani. Na daɗe a zaune a kan turmi ina kallon takardar, sai na ga ai wannan buhun ya fi sauran labari, duk wanda ya taɓa ajiye wake tsoronsa ke nan. Na soke taken na rubuta sabo: "Buhu 3 na wake, wata 5 ba magani: ɗaya ya lalace, ga dalili". Yutub suna ba ka har harafi 100 amma a waya ana yanke dogon take, shi ya sa na tura buhu uku da wata biyar gaba, ko an yanke ƙarshen an dai ga kan maganar.

Da taken ya canza dole rubutun ya canza, kuma wannan ne abin da da can ba zai yiwu ba tunda sai an gama komai nake sa take. Yanzu na ɗauki alkawari biyu, za ka ga wanda ya lalace, kuma za ka ji dalili. Sai na tsara haka: sallama kalma ɗaya, buhunan uku a jere a tsakar gida, in nuna ranar da aka rubuta a jiki, in ce ɗaya daga cikinsu ya lalace, kafin sakan 20 hannuna yana kan igiyar buhu na farko. Na farko da na biyu a buɗe su da sauri, a tsoma hannu har ƙasa a ɗebo, ba na sama kawai ba don kar a ce na yi wayo. Na ukun wajen minti na uku, a juya shi a nuna ramin kusa kusa, sannan bayani. Yadda ake ɗauri, wanda a da shi ne duka bidiyon, ya koma minti ɗaya a ƙarshe tare da maganar ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Na yi niyyar sa hira da wani dillali kan farashi, na ga taken bai yi alkawarinta ba, na cire.

Hoton ma a takarda na gama shi. Faifai biyu, ɗaya mai kyau ɗaya mai huji huji da gari, hannun Baba a tsakiya. Saboda na san haka nake so, ranar ɗauka muna buɗe na ukun na tsayar da kowa, na fito da faifan zuwa inuwar darbejiya inda haske yake da laushi na ɗauki hoto kusan goma wayar a kwance, ba irin na da ba da nake yanko hoto daga cikin bidiyo ya fito dishi dishi. A PixelLab na sa girman 1280x720. Rubutu kuma ban maimaita taken ba, WANNE NE? na fara sawa sai na ga wauta ce tunda ido yana ganin wanda ya lalace, na mayar da shi ME YA FARU? kawai. Na ajiye shi a sama ta hagu don kusurwar ƙasa ta dama nan Yutub suke liƙa tsawon bidiyo, ta taɓa rufe min rabin kalma. Kafin in ɗora na rage hoton ya zama ƙarami kamar kan ɗan yatsa na miƙa wa Inna, wadda ba ta karatun boko, na ce Inna me kika gani? Ta ce wake mai kyau da wanda ƙwari suka ci. Na ce shi ke nan.

Masu dannawa wannan karon wajen 6 cikin 100 ne, bai kai na farko ba, kuma ba zan ɓoye ba abin ya ɗan sosa min rai. Amma layin bai faɗo ba, a sakan 30 wajen bakwai cikin goma suna nan, ya tafi a hankali har minti na uku, a daidai inda na juya buhun ma ya ɗan yi tudu, alamar wasu suna komawa baya su sake kallon ramin. Bayan nan ya sauka sosai, wato da suka ga dalili sun karɓi abinsu sun tafi, minti ɗayan ɗauri kaɗan ne suka tsaya masa. Da zan sake, zan ɗauko maganar katako in manna ta jikin ramin tun suna nan. Duk da haka bidiyon ya ci gaba da samun kallo har bayan wata biyu, ya ninka na farko.

Yanzu akwai wata takarda a maƙale jikin ƙusa a ɗakina, taken bidiyon kiwon rago ne, na rubuta "kwana 90" a ciki na zana rago ɗaya sau biyu, ranar farko da ranar ƙarshe. Hoton ranar farko na riga na ɗauka a jikin turken, na ja layi da gawayi a bango inda na tsaya don in dawo daidai wurin. Yau kwana 34, kuma ragon ya yi zawo sati guda ya ɗan rame, kawu yana ta yi min dariya wai in tanadi biro.