Godiya ga waɗanda suka raya dare tare da ni

Alhamdu lillahi, jiya na fito daga jarrabawar baka ta anatomi lafiya, kuma ya zama wajibi in gode wa waɗanda suka tsaya mini. Makonni na yi ina haddar sunayen jijiyoyi 12 da ke fitowa bibbiyu, dama da hagu, ta kafofin ƙoƙon kai, amma da zarar an tambaye ni aikin ɗaya daga cikinsu sai kaina ya ɗaure.

Godiyata ta farko ga yayarmu da ke aji biyar, wadda ta same ni bayan sallar isha'i ina ta juya littafi, ta rufe shi, ta zaunar da abokiyar ɗakina a gabana ta ce, "Ƙanwata, ga littafinki nan." Ta sa na haska fitilar waya a ido ɗaya, na ga ƙwayar idanun biyu ta tsuke, sannan ta bayyana mini cewa jijiya ta 2 ce ta kai labarin hasken, ta 3 kuma ta dawo da umarnin tsukewa ga idanun duka.

Inda muka fi daɗewa shi ne jijiya ta 7, mai motsa fuska. Na sha karanta cewa goshi ne ke bambance shanyewar ɓarin jiki da lalacewar jijiyar kanta, amma ban taɓa gane dalili ba sai wajen ƙarfe biyu na dare, da ta zana mini shi a bayan takarda. Tsokar goshi tana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, ƙasan fuska kuwa daga ɓangaren da ke ɗaya gefen kaɗai. Saboda haka idan matsalar a can sama cikin ƙwaƙwalwa take, baki zai karkace amma goshi zai ci gaba da tattarewa, idan kuwa jijiyar ce ta lalace, gefen fuskar gaba ɗaya zai saki, har ido ya ƙi rufuwa sosai.

Da safe malamin ya kawo misalin dattijon da bakinsa ya karkace zuwa dama, amma yana iya ɗaga girarsa duka biyu. Na ce raunin yana ƙasan fuskar hagu, domin gefen mai lafiya ne ke janye baki, kuma tunda goshi ya tsira, a nemi matsalar a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Ya gyaɗa kai ya wuce tambaya ta gaba.

Ina godiya ga abokiyar ɗakina, wadda ta yi ta ɗaga gira, tana kumbura kumatu, tana yaƙe haƙora har kusan asuba, alhali ita ma tana da lacca da safe. Umma kuma, da ta kira ni bayan sallar asuba ta yi mini addu'a, Allah ya ƙara girma, ya saka muku duka da alheri.