Ɗigo huɗu na farko

Jidda, daren Talata.

Yau mun gama firam ɗin teburin da wani mai sayar da tsire ya ba mu aiki, amma sai da muka haɗa shi sau biyu, kuma ina so in rubuta yadda abin ya kasance tun awon yana cikin kaina. Teburin ƙarfe ne mai tsawon milimita 1200 da faɗin milimita 800. Firam ɗinsa na bututu ne mai kusurwa huɗu, 40 a 40, kaurin bangonsa milimita 2, sannan a shimfiɗa farantin ƙarfe mai kauri milimita 3 a kansa. Mutumin ya ja kunnena tun ranar da ya kawo aikin cewa a lungun shagonsa zai ajiye shi, jikin bango biyu, kuma akwai wani tebur da zai jingina da shi, saboda haka duk karkatar da kusurwa ta yi, ido zai gani.

Jiya da yamma na yanka bututun guda huɗu, kowane baki a kan digiri 45, na haɗa dogayen biyu baya da baya na tabbatar tsawonsu ɗaya ne, gajerun ma haka. Ba na tsallake wannan mataki, domin idan ɗaya daga cikin dogayen ya fi ɗan'uwansa, awon gicciye biyu, wato daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, na iya zuwa daidai alhali babu kusurwa ko ɗaya da ta tsaya a digiri 90. Da safe na tafi karɓo farantin daga wurin masu yanka, na bar ɗan yayata a warsha, wanda wata biyar ke nan yana koyon walda a hannuna, na ce ya share teburin aiki ya jera bututun kafin in dawo.

Da na dawo na tarar ya jera, ya kuma ɗiga, wato ya yi ƙananan ɗigon walda da ke riƙe bututun kafin a yi cikakkiyar walda. Hannunsa ya fara faɗawa, ɗigon nasa ya kama ƙarfe sosai, kuma fuskarsa cike take da murna. Ban ce komai ba, na ɗauko tef na ɗora daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye, na samu 1446, na juya ɗaya gicciyen na samu 1439. A lissafi, firam mai 1200 a 800 ya kamata kowane gicciye ya ba da 1442. Bambancin milimita 7 tsakanin su biyun yana nufin gajerun ɓangarorin sun kwanta da kusan milimita 4, wanda a jikin bango rata ce da za ta riƙa tara ruwa da maiƙo.

“Kawu, wallahi na sa sukwaya a kowace kusurwa kafin in ɗiga,” in ji shi, yana nufin ma'aunin da ake duba ko kusurwa ta tsaya a digiri 90, kuma na yarda da shi. Na ce ya nuna mini yadda ya bi. Ya fara da kusurwa ta farko, ya yi mata ɗigo mai kauri ta ciki, ya ƙara wani ta waje, ya wuce ta biyu ya yi haka, sannan ta uku, yana zagayawa kamar mai ɗinki. Da ya iso ta huɗu bakunan ba su haɗu ba, sai ya matse su da kilam har suka haɗu, ya ɗige.

Na zaunar da shi na yi masa bayanin abin da ni ma sai da na ɓata ƙarfe da yawa kafin ya zauna mini. Narkakken ƙarfe idan yana hucewa tsukewa yake yi, kuma yana jan duk abin da ya kama zuwa wajensa. Ɗigon da aka yi a cikin kusurwa yana rufe ta, ta koma ƙasa da digiri 90, wanda aka yi ta waje kuma yana buɗe ta. Sukwayar da ya sa gaskiya ta gaya masa, amma ta gaya masa ne kafin ƙarfen ya huce. Ɗigonsa na ciki ya ja kusurwar, sai na waje ya zo ya kulle ta a karkace, kuma da yake zagayawa yake yi, kuskuren kusurwoyi uku ya taru a bakin ta huɗu. Kilam ɗin da ya sa ya tilasta bakunan haɗuwa ne kawai, karkatar kuwa ta bazu cikin firam ɗin.

Kusurwa mai ɗigo biyu, ciki da waje, ba ta gyaruwa da guduma, sai dai bututun ya lotsa, balle mai bango milimita 2. Muka ɗauko injin gurza, wanda a nan ake kira sarukh, muka cinye ɗigon takwas a hankali ba tare da mun shiga jikin bututun ba, muka raba su, muka goge bakunan. Wannan ya cinye mana lokaci har aka kira Azahar.

Bayan salla muka sake jerawa a kan teburin aiki, bayan na bi samansa da hannu na kankare tartsatsin walda da ya manne, domin ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin bututu ta isa ta ɗaga kusurwa. Na danne kowane bututu da kilam a jikin tebur, na duba bakunan. Uku sun haɗu ƙam, ɗaya kuwa ta bar rata kamar milimita 1, sakamakon gurzar da muka yi. Rata irin wannan ita ce ta fi cutarwa, domin ɗigo yana samun wurin da zai ja, sai wannan kusurwa ta motsa fiye da sauran. Na yanko ɗan siririn kwano na soka a ratar ya tokare ta, a bar shi har sai an gama ɗigo.

Na sa sandar walda E6013 mai kauri 2.5, na tsayar da injin a wajen amfiya 75, na miƙa masa. Na ce ɗigon farko ƙarami ne, bai wuce ƙwayar masara ba, kuma wurinsa a fuskar sama, daidai tsakiyar layin da bakunan biyu suka haɗu. A nan ɗigon ba ya jan kusurwa ciki ko waje, yana riƙe ta ne kamar hinjin ƙofa, ana iya juya ta kaɗan idan awo ya nema. Na ɗauki alli na rubuta lamba a kusurwoyin, 1 zuwa 4 a zagaye, na ce ya ɗiga ta 1, ya tsallaka ta 3 da ke gicciye da ita, ya dawo ta 2, ya ƙare da ta 4. Duk jan da ɗaya ta yi, wadda ke fuskantarta za ta mayar da shi, maimakon ya riƙa taruwa gaba.

Da ɗigo huɗun suka huce har hannu na iya taɓawa, na ce ya ajiye sandar. Muka sassauta kilam, domin firam da ke danne ba ya nuna halinsa, muka auna. Gicciye ɗaya 1444, ɗayan 1440. Ya dube ni da damuwa, na ce masa wannan shi ne dalilin da ya sa muka tsaya a ɗigo ɗaya-ɗaya. Na tokare kusurwa guda ta dogon gicciyen da ƙarfen da ke manne a tebur, na ɗora guntun katako a kusurwar da ke fuskantarta, na buga da guduma sau biyu a hankali. Na tuna masa cewa rabin bambancin kawai ake nema, domin duk milimita da dogon ya rage, gajeren yana ƙaruwa da ita. Muka sake aunawa, dukansu 1442. Na sa shi ya tabbatar ta wata hanya: ya auna 600 a gajeren ɓangare daga kusurwa, 800 a dogon, tsakanin alamun biyu ya fito 1000 cif.

Sai muka mayar da kilam, ya yi ɗigo na biyu a gefen waje na kowace kusurwa, da bin lambobin nan dai, 1, 3, 2, 4, muka sake aunawa. Muka kife firam ɗin, ya ɗiga fuskar ƙasa a tsakiya kamar yadda ya yi ta sama, domin ɗigon da ke fuska ɗaya kaɗai yana ɗaga bakunan bututu sama. Cikin kusurwa muka bari na ƙarshe, tun da shi ya fi kowanne ƙarfin ja, kuma a lokacin ɗigo uku sun riga sun riƙe.

Akwai wata cuta da tef ba ya gani, wato murɗewa. Firam na iya ba da gicciye daidai amma kusurwa ɗaya ta ɗaga. Na danna kowace kusurwa da yatsa in ji ko zai yi rawa a kan tebur, bai yi ba. Duk da haka na ja zare biyu a gicciye, suka haɗu a tsakiya suna shafar juna kawai. Da murɗewa na nan, ko dai a ga rata tsakaninsu, ko na sama ya danne na ƙasa, shi ya sa nake musanya su in sake dubawa.

Cikakkiyar waldar ni na yi, ina tsallakawa daga kusurwa zuwa ta gicciyenta, ina barin kowace ta sha iska. Na sa bututu biyu a tsakiya don tallafar faranti, na gurje waldar fuskar sama ta kwanta. Awon ƙarshe ya ba da 1442 da 1443, kuma milimita 1 a tebur irin wannan na karɓa.

Farantin ma sai da na auna gicciyensa kafin in ɗora, domin yankan inji ba kullum yake fitowa daidai ba, kuma wanda ya amince da faranti ya ja firam ya bi shi, ya rushe aikinsa da hannunsa. Wannan ya fito lafiya. Muka shimfiɗa shi a kan tebur, muka kife firam a kansa, muka danne. A nan tsarin ya juya: daga tsakiya ake farawa a nufi waje. Ya fara da bututun tallafi, sannan tsakiyar dogon ɓangare ɗaya, ya tsallaka tsakiyar ɗayan, sannan tsakiyar gajerun, kusurwoyi a ƙarshe. Faranti yana buɗewa idan ya ji zafi, kuma idan an riga an kulle kusurwoyinsa ba shi da inda zai tafi sai ya yi tozo a tsakiya, irin wanda ake dannawa ya yi ƙara ya dawo. Bayan ɗigon, waldar da muka yi gajera ce, milimita 20 a kowane milimita 150, ana tsallake-tsallake, kuma duk inda tafin hannu ya kasa zama a kan farantin, sai mu dakata.

Kafin Magariba muka juyo shi, na ɗora dogon ƙarfe miƙaƙƙe a kai, a tsaye da gicciye, na sunkuya ina neman haske a ƙarƙashinsa. Ɗan siririn haske ne kawai a gefe ɗaya, wanda katin waya bai shiga ba. Yaron ya karɓi tef ya sake auna gicciyen da kansa, bai jira na ce ba, ya rubuta lambobin da alli a ƙasan farantin.

Gobe sai ƙafafu. Na ce masa ya yi tunani a daren nan a kan wace fuskar ƙafa zai fara ɗigawa, tun da ƙafa tana iya karkata ta hanya biyu, kuma sukwaya ɗaya ce a warshar.