Awon bango kafin sayen fenti

Sana'ata fenti ce, ina da yara huɗu da muke aiki tare a Kano. Duk wanda ya kira ni, tambayarsa ta farko ita ce, "Maigida, galan nawa zai ci?" Ni kuwa ba na amsawa sai na ɗora tef a bango. Abin da ya koya mini haka wani falo ne da muka haɗa wa kala da ƙiyasin ido, fentin ya ƙare saura bango ɗaya. Muka sake haɗawa, da ya bushe sai ga bangon ya fi sauran duhu. Da kuɗina na sake shafe falon gaba ɗaya.

Ga wani falo da na auna kwanan nan. Tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4, daga ƙasa zuwa silin mita 3. In ka zagaye bangon huɗu ka samu mita 20, ka ninka da 3, ya zama murabba'in mita 60. A nan yara kan tsaya, alhali ba a shafa wa gilashi da ƙyauren ƙofa fentin bango. Ƙofofi biyu ne, kowace mita 0.9 a faɗi, 2.1 a tsaye, su biyun sun kusa murabba'in mita 3.8. Tagogi uku, kowace 1.5 da 1.2, sun ba da 5.4. Na cire 9.2 daga 60, saura kusan 51. Silin lissafinsa daban.

Sau biyu muke shafawa, sai ya zama 102. A bango mai santsi da aka taɓa yi wa fenti, ina lissafa lita ɗaya ta rufe murabba'in mita 10, amma nakan duba abin da aka rubuta a jikin bokitin, don fenti ba ɗaya ba ne. Lita 10 ke nan da ɗan ɗoriya. Galan uku masu lita huɗu-huɗu sun isa, har da rarar da za a bi kuncin tagogi da ita a kuma gyara inda tsani ya goge.

Inda lissafin ke yaudarar mutum shi ne sabuwar filasta, don shan fenti take kamar busasshiyar ƙasa ta samu ruwa. Nakan yayyafa ruwa a bango da hannu. In ya shige nan take ya bar duhu, na san shafin farko da ƙyar lita za ta rufe murabba'in mita 7. A falon nan shafin farko kaɗai zai ci fiye da lita 7, na biyu lita 5, galan uku sun gaza ke nan. Haka na tarar da shi kuwa. Na ce wa mai gidan, "Alhaji, a sayo huɗu, mu juye su a bokiti ɗaya mu haɗa kalar lokaci guda."