Harafin ƙarshen kalma: abin da fassarar hirar Farisanci ta koya mini

Farisancin da ake koyarwa a aji shi ne na littafi, wanda Iraniyawa ke kira "ketabi" ko "rasmi". Da shi ake rubuta jarida da takardar ofis, da shi ake karanta labarai a rediyo. Amma mutumin Tehran ba da shi yake yi wa ƙaninsa magana ba, kuma idan ya ɗauki waya zai tura saƙo, abin da ke bakinsa yake rubutawa. Suna kiran irin wannan rubutu "shekaste", wato karyayye. Yawancin saƙonnin hira da nake mayarwa Turanci da wannan karyayyen aka rubuta su, kuma aikin ya nuna mini cewa ba a tsallakawa daga shi zuwa Turanci kai tsaye. Sai an fara mayar da jimlar cikakken Farisancin littafi, an ga me kowane harafi yake wakilta, sannan a nemi Turancin.

Wasu sauye-sauyen ba su da wahala, domin suna bin ƙa'ida. Dogon wasalin "a" kan koma "u" idan "n" ko "m" ta biyo shi. Burodi, نان a littafi, ya zama نون a baki, wato "nan" ta koma "nun". "Na sani", می‌دانم, ta koma می‌دونم. Aikatau da ake yawan amfani da su kuma sukan zubar da tsakiyarsu: "miravam", ina tafiya, ta zama "miram", "mikhaham", ina so, ta zama "mikham", "mishavad" ta zama "mishe". Mai koyo yakan haddace waɗannan cikin ɗan lokaci, ba su ne suke kayar da mutum ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarshen kalma, musamman haruffa biyu, ه da و. Rubutun Farisanci ba ya nuna gajerun wasula, kamar dai Larabcin da ba a yi wa wasali ba. Saboda haka idan magana ta matse kalmomi daban-daban suka koma wasali guda, a rubuce sai su fito da fuska ɗaya.

Ɗauki ه. A littafi "ne" ko "ce" kalma ce mai zaman kanta, است, ana faɗin "ast". A baki ta ragu ta koma "e" da ake liƙawa a ƙeyar kalma, shi ya sa "khub ast", yana da kyau, ta zama خوبه. To amma harshen baki yana da wani "e" ɗin dabam wanda babu shi sam a na littafi, mai nuna cewa abin sananne ne tsakanin masu maganar, kamar yadda za mu ce "mutumin nan" ko "littafin ɗin". Ga kuma na uku, wanda kuskuren rubutu ne da ya yaɗu har aka yi masa suna, "hekasre". Farisanci yana haɗa abu da mai shi ta hanyar gajeren wasalin da ake kira "ezafe", wanda aikinsa ɗaya da "-n" ta "littafin Audu". Bayan baƙi ba a rubuta wannan wasalin, amma masu hira da yawa suna rubuta shi da ه. Ke nan kalma guda, کتابه, tana iya nufin "littafi ne", ko "littafin nan", ko "littafin wane". A baki ana rarrabe na farko da na biyu da inda aka danna murya, amma allon waya ba ya ɗauke da murya.

Abin da nake yi shi ne in dubi abin da ya biyo bayan kalmar. Idan ita ce ta rufe jimla kuma babu wani aikatau, to است ce aka matse. Idan suna ko wakilin suna ya biyo ta, kamar کتابه من, to "ezafe" ce aka rubuta ba daidai ba, ma'anar "littafina". Idan kuma رو, alamar karɓau da zan yi bayaninta a ƙasa, ta biyo ta, ko akwai aikatau a gaba da ke jiran ta, to alamar sanannen abu ce. Wannan gwajin yana warware mafi yawan wurare. Ba ya warware duka, domin akwai kalmomin da asalinsu ma da ه suke ƙarewa. خونه kusan kullum "gida" ce, daga خانه, amma tana iya zama "jini ne", daga خون است. بده tana iya zama "bede", ba da, ko "bade", ba shi da kyau. A nan sai an koma saƙonnin da suka gabata. Shi ya sa idan aka turo mini hoton saƙo guda aka ce in fassara, nakan nemi na samansa da na ƙasansa kafin in sa hannu.

Ita kuwa و, matsalarta ta fito ne daga را, alamar da ke nuna karɓau sananne, wato abin da aikin ya faɗa wa. A baki را takan koma "ro" bayan wasali, ta koma "o" bayan baƙi, sai a rubuta ta da و a manne da kalma. Sai dai ita ma "da" ta haɗa abu biyu "o" ake faɗinta, kuma masu hira sukan manne ta haka nan. منو ببر tana nufin "tafi da ni", amma منو علی رفتیم tana nufin "ni da Ali muka tafi". Abin da ke raba su shi ne aikatau: na biyun yana ɗauke da ƙarshen jam'i, "-im", don haka mutum biyu ne suka yi aikin. Idan hirar ta gidan abinci ce, wannan منو ɗin tana iya zama takardar jerin abinci.

Ga irin saƙon da ake samu tsakanin abokan ciniki, wanda ya tara kusan duk waɗannan:

پولو بده به مرده بگو فردا میرم بانک بقیشو میریزم

Babu aya, babu waƙafi, haka suke zuwa. Kalmar farko, پولو, "pul" ce, kuɗi, da و. Bayanta ba wani suna ba ne da za a ce "kuɗi da kaza", aikatau ne, saboda haka را ce. Wannan kuma ya yanke hukunci a kan بده: tunda akwai karɓau a gabanta kuma به, "ga", ta biyo ta, umarni ne, "ba da". Sai مرده, wadda a ƙamus za ka same ta da "morde", matacce. Ba a miƙa wa matacce kuɗi a kuma ba shi saƙo, don haka "mard" ce, namiji, da alamar sanannen abu: mutumin nan da mu biyu muka sani. میرم ita ce می‌روم. A lura da ita sosai, domin gaɓa ɗaya ce kawai ta raba ta da می‌میرم, ina mutuwa. A littafi wurin da za a je yana zuwa kafin aikatau tare da به, a baki kuwa به ta faɗi, bankin ya koma baya. بقیشو guda uku ce a dunƙule: بقیه, saura, da اش, nasa, da را. Aikatau na ƙarshe asalinsa "zuba" ne, kuma shi ake faɗa idan za a saka kuɗi a asusu. Da an shimfiɗa ta, jimlar littafi ita ce:

پول را به آن مرد بده، بگو فردا به بانک می‌روم و بقیه‌اش را می‌ریزم

Yanzu ma'ana ta tsaya: ba mutumin nan kuɗin, ka ce masa gobe zan je banki in tura sauran. Aikatau biyun na ƙarshe siffar yanzu suke ɗauke da ita, amma فردا, gobe, ta mayar da su nan gaba, kuma haka ya kamata su fito a Turanci.

Wani mai fassara a nan yake tsayawa, ya ɗauki jimlar littafin ya juya ta yadda take, sai a sami Turancin takardar ofis. Ban yarda da wannan ba. Jimlar littafi kayan aiki ce ta gane nahawu, ba ita mai saƙon ya rubuta ba. Wanda ya ce مرده bai ce "the gentleman" ba, kuma "the man" ma ta ɗan yi nauyi. "The guy" ce ta fi kusa, domin wannan "e" idan aka liƙa wa mutum tana ɗauke da sakin jiki, wani lokacin har da ɗan raini, kamar a دختره da پسره. Ga yadda zan miƙa ta: "Give the guy the money, tell him I'll go to the bank tomorrow and send the rest."

A wannan saƙon an yi sa'a, kalmar "mard" ta faɗi jinsin mutumin. Sau da yawa ba a samun haka. Farisanci ba ya raba "shi" da "ita": او a littafi, اون a baki, kuma اون ana faɗinta har ga abu. بهش گفتم tana nufin na faɗa masa ko na faɗa mata. Turanci kuwa dole ya zaɓi ɗaya. Idan hirar ba ta nuna ba, ba na zaɓa wa mai saƙon. Nakan rubuta "him/her" in sa ɗan bayani a gefe, musamman idan fassarar za ta shiga hannun wanda zai yanke wata shawara a kanta.

Dole kuma a fara sanin daga ina mai rubutun yake. Duk abin da na faɗa a sama maganar Tehran ce. A bakin mutumin Kabul نان tana nan "nan", kuma را bayan baƙi "a" take komawa, wadda ake rubutawa da ه. Ke nan کتابه a saƙon ɗan Afghanistan tana iya zama کتاب را, ma'ana ta huɗu da gwajin Tehran ba zai kamo ta ba.

Abin da na fi sa wa ido yanzu shi ne wurin da mutum ya bar harshen baki a tsakiyar hira. Aboki da ya yi ta rubuta میخوام da بگو, yana kiran ɗan'uwansa تو, wato "kai", sai kwatsam ya rubuta لطفاً مبلغ را واریز کنید, da cikakkiyar را da ƙarshen girmamawa na شما, wato "ku". Ma'anar kalmomin "don Allah a tura kuɗin" ce kawai. Amma duk Ba'iraniyen da ya karanta ya san an ja baya, ko fushi ne, ko ana so maganar ta zama shaida. Idan na fassara saƙonnin farko da na ƙarshen da Turanci iri ɗaya, na share wannan daga hirar. Don haka na farkon nakan bar su da "I'll" da "gonna" inda ya dace, na ƙarshen kuma in rubuta "Kindly transfer the amount", babu taƙaitawa ko ɗaya a ciki.