Yadda gara da baƙin mai suka ci mini mangwaro biyu na tsira da ɗaya

A watan Agusta, kwanaki kaɗan bayan bikin dashen itatuwa na ranar 3 ga wata, na sayo ƴaƴan mangwaro uku masu aure daga wani mai lambu a Mirriya, na dasa su a filin gidan da nake ginawa a bayan garin Damagaram. Na haƙa ramuka, na zuba kashin shanu da na kwaso daga turken maƙwabcina, na kafa wa kowanne sanda na ɗaure shi, sannan na shimfiɗa karan gero a gindi don kada rana ta shanye danshi. Ranar na koma gida ina jin na yi aikin manoma.

Da damina komai lafiya. Sai da hunturu ya yi nisa, wajen watan Janairu, na ga na tsakiya ya fara langaɓewa. Ganyen ya sunkuya, bai faɗi ba, ya dai bushe a jikin reshe kamar an babbaka shi. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Wanda ya san Damagaram ya san abin da ƙarin ruwa yake nufi: bido biyu a bayan babur, ko ka jira mai kura ka biya. Kwana goma ina yi, babu canji. Wata safiya na kama shi don in gyara ɗaurin, sai ya taho a hannuna kamar tsinke.

Saiwar babu komai a cikinta sai ƙasa. An rarake ta tun daga ƙasa har kusan taƙi ɗaya sama da gindi, an cike gurbin da yumɓu, ga kuma ƙananan gara farare suna ta gudu suna neman inda za su ɓuya daga haske. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu suri ko ɗaya a filin, har na zagaya bayan katanga ban gani ba. A lokacin ban san cewa garar da ta fi yi wa ƙananan itatuwa ɓarna sau da yawa ba ta gina suri ba. Gidanta ƙananan ɗakuna ne a warwatse a ƙarƙashin ƙasa, ta saiwa take shiga, sai aiki ya ƙare kake gani.

Nan na yi kuskure na biyu, wanda har yau yake ba ni haushi. Wani abokin aiki ya ce in shafa baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga injin mota, wai gara ba ta kusantarsa. Gaskiya ne ba ta kusanta, shi ya sa ake shafa wa ginshiƙin rumfa. Amma ginshiƙi mataccen ice ne. Na shafa wa na gefen gabas, sauran na tsiyaya a gindi. Cikin mako biyu ɓawon ya yi baƙi ya tsage, ƙasar wurin ta daina shan ruwa, itacen ya bi ɗan'uwansa. Wannan kam ba zan ɗora wa gara ba.

Da ya rage saura ɗaya sai na je na ɗauko kawuna, wanda ya yi shekara da shekaru yana aikin lambu. Ko kallon ganyen bai yi ba, ya tsuguna a gindi ya janye karan geron da hannu. Ƙarƙashinsa ya zama kamar an yi masa yaɓe, kowane kara an lulluɓe shi da ƙasa, ciki kuma fanko. Ya girgiza sandar da na kafa, ta karye daga ƙasa. Ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, ai kai ka kira su. Ka girka musu tuwo, ka zuba miya, ka kafa musu tsani, yanzu kuma kana mamakin sun zo."

Na ce, "Kawu, to ai cewa aka yi a rufe gindi don danshi."

Ya ce a rufe, amma ba a manna wa jikin itacen ba. Ya nuna mini siririn ginin laka da ya hau jikin mangwaron, faɗinsa bai wuce ɗan yatsa ba, launinsa ya saje da ɓawon har na yi makonni ina wucewa ban lura ba. Jikin gara laushi gare shi, iska da rana suna busar da ita nan da nan, shi ya sa ba ta tafiya a fili. Duk inda za ta, sai ta gina rufi ta bi ta ciki. Ya kankare lakar da bayan wuƙa a hankali, ga su nan a ƙasa suna cin ɓawon.

Daga nan ya yi abin da ya fi komai amfani a wannan rana. Ya tone ƙasar gindi zurfin yatsu huɗu, ya bi kewayen itacen yana ɗan karta ɓawon da farce. Inda ya fito kore da danshi, da rai. Inda ya fito ruwan ƙasa a bushe, ya mutu. An cinye kamar kashi ɗaya cikin uku na kewayen, ta gefen da sandar take. Ya ce wannan zai rayu. Abincin da ganye yake haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, don haka idan gara ta zagaye gindin kaf kamar zobe, saiwa za ta mutu da yunwa ko da ganyen yana nan kore shar na ɗan lokaci. In ka tarar da haka, ko kuma ka ja itacen ka ji yana motsi kamar haƙorin da zai fita, kada ka ɓata ruwanka.

Tonon ya fallasa wani laifina. Na binne itacen ya yi zurfi, har ƙasa ta kusa rufe wurin auren, kuma kashin shanun da na zuba ɗanye ne, bai ruɓa ba, ga shi nan guda-guda da ciyawarsa. Wannan shi ne ainihin abincin gara, busasshen abin da ya fito daga tsiro. Da damina abinci ya ishe ta ko'ina. Da rani ya kama, fili ya zama fayau, wuri ɗaya tak ya rage mai danshi da abinci, wato raminna. Ga shi kuma ban-ruwan da nake yi na yayyafi ne, kofi biyu uku kullum, saman ƙasa ya jiƙe, saiwa tana ƙishi. Itacen da ya galabaita shi gara take fara kamawa.

Mun kwashe karan duka da guntun sandar, muka tsince ɗanyen takin da hannu ya kai gare shi ba tare da mun taɓa saiwa ba. Muka gyara kwarin ban-ruwa ya yi faɗi, da ɗan tudu kewaye da jikin itacen don kada ruwa ya kwanta a kan raunin. Maimakon yayyafi, bido ɗaya mai lita 20 a zuba gaba ɗaya da yamma, sau biyu a mako, in bazara ta tsananta a koma bayan kwana biyu. A madadin sandar ice na kafa guntun ƙarfen gini da ya rage mini, na ɗaure da tsumma.

Magani kuwa daga dogon yaro muka samo, wanda wasu ke kira bedi. Busassun ƴaƴansa ake ɓarewa a daka ƙwayar, rabin kilo a jiƙa cikin lita 10 na ruwa, a bar shi ya kwana, a tace da safe. Na riƙa zuba lita biyu zuwa uku a kewayen gindin da yamma, in wanke jikin itacen da saura, dusar kuma in cuɗa ta da ƙasar sama. Kada wanda ya yi tsammanin zai wayi gari ya ga gawarwaki. Dogon yaro korarsu yake yi ya hana su ci, kuma rana tana kashe ƙarfinsa da wuri, sai an maimaita kowane mako. Na yi mako shida a jere. Ganyen ma ana jiƙawa in babu ƴaƴan, sai dai bai kai su ƙarfi ba. Toka kuma tafi biyu na barbaɗa a zagaye, nesa da ɓawon da kamar taƙi ɗaya. Matata ta so ta riƙa juye tokar murhu duka a wurin, kawu ya hana, ya ce in ta yi yawa ƙasar takan koma kamar mai kanwa.

Dabarar da ta fi ba ni dariya ita ce ta tukunya. Ya sa na samo tsohuwar tukunyar ƙasa, muka cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, muka yayyafa ruwa, muka kife ta a can kusurwar katanga, taku goma sha biyar daga mangwaron. Bayan kwana biyu, da sassafe kafin rana ta yi zafi su koma ƙasa, na ɗaga na tarar ta cika. Na zazzage wa kaji, suka yi ta wawaso. Ba ta ƙarar da gara, amma tana nuna maka ko suna nan da yawa. Kawu ma ba ya son a ce za a ƙarar da su. Ya tuna mini masu haƙa tassa a gonakin da suka mutu, waɗanda da gangan suke zuba taki a rami don gara ta zo ta huda ƙasa ruwan sama ya shiga.

Na tambaye shi maganin kasuwa, don a raina na so in gama da su dare ɗaya. Akwai magunguna masu aiki, irin waɗanda ke ɗauke da sinadarin fifuronil ko imidakulofirid, kuma da laka ta ci gaba da dawowa da na je wurin ma'aikatan kare tsirrai na ofishin noma sun nuna mini mai rajista da awonsa. Amma gidana akwai kaji da ƴar shekara uku mai cin ƙasa, fifuronil kuwa yana kashe kaji da zabi da ƙudan zuma. Abin da na ƙi sam shi ne ruwan da ake ɗurawa a kwalba ba takarda, da ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake. Ita ƙwayar, da ta ji danshi take sakin iska mai guba wadda take kashe mutum, ba abin tura wa rami a tsakar gida ba ce.

Mako na farko kullum da safe sai na tarar da sabuwar laka, in kankare. A mako na uku ta koma jefi-jefi, daga baya ta daina. Na mayar da karan gero saboda zafin Afrilu, amma siriri, da tazarar taƙi guda daga jikin itacen, kuma duk ranar Juma'a nakan ɗaga in leƙa. Raunin ya fara haɗewa daga gefe da gefe, ɓawon yana tudu kamar tabon ƙuna. Da ruwan farko ya sauka ya fitar da sabon toho ja.

Ramukan nan biyu na bar su a buɗe rana ta gasa su har ƙarshen rani. Takin da zan zuba musu yana can cikin wani rami daban tun watan Maris, ina jiƙa shi ina juyawa, kuma kawu ya ce kada in kawo shi kusa sai ranar da na damƙa na ji ya zama baƙar ƙasa ba wari.